Silin jifsam a falo, na roba a koridor: yadda aikin ya tafi daga awo zuwa fenti

Gida ne marar bene mai rufin kwano, kuma wurare biyu za a yi wa silin: falo mai tsawon mita 4.8 da faɗin mita 3.6, sai koridor mai tsawon mita 6 da faɗin mita 1.4. Na yanke shawarar sa allon jifsam a falo, silin roba kuma a koridor. Abu na farko da muka yi shi ne jira. Kafinta ya gama buga kwano a ƙarshen bazara, mai silin yana ta matsawa a fara, na ce sai an yi ruwa mai ƙarfi ko sau biyu. Mako uku muka yi muna duban gabas. Da ruwan ya sauka na shiga da tocila ina bin katako ɗaya bayan ɗaya, na samu ɗiga a wurare biyu, ɗaya a gindin kusar da aka buga a kwarin kwano maimakon kan tudunsa, ɗaya a mahaɗar kwano da bango. Allon jifsam hoda ce aka danne tsakanin takarda biyu, in ruwa ya daɗe yana sauka a kansa zai yi tabo, ya yi laushi, kan sukuru ya ɓula takardar, allon ya saki. Wanda yake aiki da rani ba sai ya jira damina ba, a hau da tiyo a kwarara ruwa a kan rufin, mutum ɗaya yana ciki yana kallo.

Bayan an toshe yoyon sai batun lissafi. Takardar da mai silin ya fara kawo mini layi biyu ce, kuɗin kaya da kuɗin aiki. Na mayar masa na ce ya rubuto adadin kowane abu, da kaurin allo, da kaurin ƙarfe, da tazarar da zai bari tsakanin hanga da hanga, wato ƙarafan da ke rataye silin daga katakon rufi. A nan ake gane irin aikin da za a yi wa mutum, domin masu aiki biyu za su iya ba ka farashi mai bambanci sosai alhali allo iri ɗaya za su sa, bambancin yana cikin ƙarfen da ba za ka sake gani ba. Allo ɗaya faɗinsa mita 1.2 ne, tsawonsa mita 2.4, falon kuma zai ci guda 6 cif, muka rubuta 7 saboda karyewa. Na zaɓi mai kaurin milimita 12, wanda kowane ɗaya ya haura kilo 20 nauyi. Idan aka haɗa allunan da ƙarafa da fitilu da fila, wato abin cike mahaɗar alluna, abin da zai rataya a saman kan masu zama a falon ya doshi kilo 190. Kuɗin aiki muka raba shi uku a rubuce: kashi ɗaya ranar farawa, kashi ɗaya bayan na duba firam, wato ƙarafan da allo zai hau, na amince kafin a ɗora allo ko ɗaya, na ƙarshe bayan an gama fila. Kashi na tsakiyan nan shi ya ba ni bakin magana daga baya.

Ƙarafa da alluna daga Ƙofar Ruwa muka sayo su, katako kuma daga 'Yan Katako na Na'ibawa, duka a Kano. Ƙarfen iri uku ne. Akwai angul da ake ɗaurawa a jikin bango a zagaye ɗakin, akwai babban canel wanda hanga ke riƙewa, akwai ƙaramin canel da ke gilmawa a ƙarƙashin babban, shi ake ɗaura allo a jikinsa. A kasuwa za a nuna maka iri biyu ko uku masu kama ɗaya a ido. Ka ɗauki guda ta baki ɗaya ka ɗaga, marar kauri zai lanƙwashe yana rawa, kuma in ka matsa gefensa da yatsa biyu zai lotsa. Ƙaramin canel ana son kaurinsa ya kai rabin milimita, in ya gaza haka sukuru yana shiga sai ya yi ta juyawa bai kama komai ba. Na sa an rubuta kauri da adadi a rasit. Allunan a kwance aka ɗauko su, a gida ma a kwance muka jera su kan katako huɗu, nesa da danshin ƙasa. Allon da aka jingina da bango ya kwana biyu yakan ɗauki doro, kuma doron nan ba ya fita ko an ɗaure shi. Katakon duka aka shafe shi da maganin gara, aka ba shi kwana biyu ya sha iska.

Ranar farko ta aiki a fitar da lebul ta ƙare. Yaron mai silin ya ɗauko tef zai auna daga tayil zuwa sama a kowace kusurwa, na tsayar da shi. Daɓe ba abin dogaro ba ne. Muka cika siririn tiyo mai haske da ruwa, muka kori kumfar da ke ciki, muka yi alama guda a bango mita 1 daga ƙasa, sannan muka bi da ita kusurwa huɗu da tsakiyar kowane bango, inda ruwa ya tsaya a nan ake zana alama. Da muka gwada da tef sai ga shi wata kusurwa ta fi wata zurfi da santimita 2. Da an bi tayil, da silin ya gaji wannan karkata, kuma a silin ido yana kama ta nan take a saman labule da saman ƙofa. Daga kowace alama muka haura mita 1.8, aka buga zare mai hoda, silin ya tsaya a mita 2.8, wato santimita 20 ƙasa da taibim, katakon da ke kwance a gindin rafta. Aka ɗaura angul a kan layin, kusa a kowane santimita 40. Angul ɗin nan aikinsa riƙe baki da tsare lebul, ba shi ke ɗaukar nauyin silin ba, ko da yake masu gaggawa suna ɗora masa wannan aikin.

A kan hanga muka yi gardama mafi tsawo. Ƙa'idar da masu yin waɗannan ƙarafa suka saba bayarwa ga allo falle ɗaya ita ce kada tazarar babban canel da ɗan'uwansa ta wuce mita 1.2, kada tazarar hanga da hanga a kan layi ɗaya ta wuce mita 1.2, kuma layin farko kada ya yi nisa da bango fiye da santimita 60. Faɗin falon ya ba mu layi uku, a santimita 60, da mita 1.8, da mita 3 daga bango, kowane yana bin tsawon ɗakin. Matsalar ita ce taibim uku ne kawai suka ratsa saman falon, tsakaninsu mita 1.6. Mai silin ya so ya rataya a inda ya samu katako kawai, hanga uku a kowane layi, tara ke nan duka. Ya ce, "Malam, haka muke yi ko'ina, ba a taɓa kirana an ce ya faɗo ba." Na yarda ba zai faɗo ba. Abin da yake yi shi ne ya sauko a hankali a tsakanin hanga biyu, milimita kaɗan a wata na farko, ya ƙaru idan danshin damina ya shiga allo, sai fila ta tsage a mahaɗa, a yi ta zargin mai fenti. Lanƙwasar ƙarfe ba ta ƙaruwa daidai da ƙarin tazara, tana ninkawa ne, ƙarin santimita 40 a kan mita 1.2 zai iya ninka saukowar sau uku. Maganin bai da tsada. Muka ɗora katako tubaifo, mai inci biyu da huɗu, a tsaye a kan gefensa bisa taibim ɗin, daidai saman kowane layi, bakinsa biyu a kan bango, aka ɗaure shi. Yanzu ana iya rataya a ko'ina. Hanga ta farko santimita 40 daga bango, sauran mita ɗai-ɗai, biyar a kowane layi, 15 duka, kowace na ɗauke da abin da bai fi kilo 13 ba.

Hangar kanta rodi ne mai zare na milimita 6, da noti sama da ƙasa, saboda a iya ɗagawa ko saukarwa da juyi ɗaya. Wayar ɗaurin rodi da wasu ke murɗawa tana miƙewa a hankali, tana tsatsa, kuma ba a iya saita ta daidai. Ta gefen katako ake huda a sa ƙaramin angul da noti, ba a buga kusa daga ƙasa zuwa sama, domin nauyi zai riƙa zare ta ta hanyar da ta shiga. Kada kuma a rataya a jikin siraran katakan da kwano ke kai, waɗannan suna motsi duk lokacin da iska ta bugi rufi, motsin kuma zai sauko har mahaɗar allo. Mai gidan dakin, wato mai rufin kankare, shi ma ya lura da wannan: anka ta ƙarfe mai buɗewa a cikin kankare ake sawa, roba da kusa ba a yi su don ja daga ƙasa ba. Da aka rataya manyan canel uku, muka ja zare daga angul zuwa angul a ƙarƙashinsu, aka bi noti ɗaya bayan ɗaya har tazarar kowane da zaren ta zo ɗaya.

Ƙananan canel suka gilma a kowane santimita 40. Wannan adadin ba zaɓin son rai ba ne. Tsawon allo santimita 240 ne, rabinsa 120, duka biyun 40 na raba su ba saura, saboda haka duk inda bakin allo ya ƙare zai faɗa tsakiyar ƙarfe. Santimita 60 ma na raba su, shi ya sa masu son rage ƙarfe ke zaɓarsa, amma a ƙarƙashin kwano inda zafi da danshi ke sauyawa, musamman in allon na milimita 9 ne, sai ka ga silin ya yi tudu da kwari in hasken taga ya kwanta a kansa da yamma. A auna daga tsakiyar canel zuwa tsakiyar na gaba, kuma a riƙa jan tef daga bango ɗaya, kada a auna kowane daga na kusa da shi, kuskuren milimita uku-uku in ya taru sau shida bakin allo zai sauka a iska.

A nan na dakatar da mai silin kwana biyu na kira mai wayarin, abin da bai yi wa kowa daɗi ba, don shi mai silin yana da wani aikin da ke jiransa. Amma lokacin da firam ya tsaya allo bai hau ba shi ne kaɗai lokacin da mutanen biyu za su iya ganin aikin juna. Nan take muka ci karo da abin da ban hango a takarda ba. Tsakiyar ɗakin, inda kowa ke son fanka, nan ne babban canel na tsakiya da ƙaramin canel da hanga suka haɗu. Da an rufe kafin mai wuta ya zo, da ya huda ya tarar da ƙarfe, da ya yanke shi, abin da ake yi ke nan a gidaje da yawa ba mai gida ya sani ba. Muka gusar da fankar santimita 20 ta tsawo da santimita 10 ta faɗi, har yau ba wanda ya shigo ya lura. Ƙugiyarta rodi ne na milimita 12 da aka lanƙwasa a kan katako tubaisikis wanda ya hau taibim biyu, ta sauko ta ramin allo ba ta taɓa firam ba. Fanka tana girgiza, in aka rataya ta a canel sai ta kwance sukuru ta tsaga fila a kewayenta. Fitilu shida kuma muka sa kowace a tsakiyar tazarar ƙananan canel biyu, nesa da manyan, aka rubuta awon kowace daga bango biyu a takarda.

Wayoyin duka cikin fayif ɗin roba na milimita 20 suka bi, an ɗaure fayif ɗin a jikin katako da kilif, ba a shimfiɗa shi a kan firam ba. Bakin canel da aka yanka yana da kaifi kamar reza, wayar da aka ja tsirara a kansa tana iya fiƙewa, in ta taɓa ƙarfe firam ɗin gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Saboda haka ma na sa aka haɗa wayar at, wadda ke kai wuta ƙasa, da firam ɗin. Ga kuma ɓera, wanda saman silin gidansa ne. Wayar fitilu mai lamba 1.5 ce, ta soket 2.5. Abin da na fi nacewa a kai shi ne mahaɗa: duk inda waya ta haɗu da waya, ko dai a cikin akwati mai murfi da aka ɗaure a katako inda hannu zai kai daga sama, ko a bakin ramin fitila inda za a zaro ta daga ƙasa. A kowane ramin fitila aka bar rarar waya santimita 30. Kafin rufewa muka ba layin wuta, muka ɗaura ƙwan fitila a kowane baki, muka bar su awa ɗaya. Ɗaya tana ƙiftawa, da aka bi sai ga mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif a cikin fayif, inda waya ta gaza aka yi mata ƙari. Aka zare ta aka sa cikakkiya, aikin minti ashirin. Sannan na ɗauki hoton kowane bango da kowane layi da tef a miƙe a cikin hoton, na biya kashi na biyu.

Ɗora allo yini ɗaya ya ci. Tsawon allo yana gilma ƙananan canel, ba ya bin su. Layi uku ne, kowane allo biyu, sai dai layin tsakiya an fara shi da rabin allo, cikakke ya biyo, rabi ya rufe, don kada gajerun mahaɗu su jeru su zama layi ɗaya daga bango zuwa bango, nan tsaga ta fi son bi. Sukuru baƙi na milimita 25, ɗaya a kowane santimita 20, a bakin allo kuma santimita 15, kusan 50 ke nan a allo guda. Kada tazararsa da gefe ta gaza santimita 1 da ɗan ɗori, in ba haka ba bakin ya fashe. Kan sukuru ya ɗan nutse kaɗan ba tare da ya yaga takarda ba. In ya yaga, ba ya riƙe komai, a bar shi a sa wani a kusa da shi. Mutum biyu suna tallafe da allon na uku yana ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, kuma ana ɗora kowane allo ana huda ramin fitilarsa a zaro waya, ba a bari sai an gama a koma lalube.

Fila ta ɗauki kwana huɗu, yawancinsu jira ne. Shafin farko ya cika mahaɗa, aka danna tef ɗin mahaɗa a ciki tun yana ɗanye, shafi na biyu ya fi shi faɗi, na uku ya fi na biyu, ana ba kowane kwana guda. Mahaɗar da aka cike da hodar fiyofi zalla ba tef tana kyau ranar da aka gama, zafin bazara ɗaya ya ishe ta tsagewa. Bayan an goge da samfefa na kashe fitilu da dare na kwantar da hasken tocila a jikin silin, duk tudu da rami suka fito da inuwarsu, na zagaye su da fensir aka gyara. Sai shafin farko na fenti mai ruwa-ruwa don takarda da fila su sha daidai, sannan shafi biyu.

Koridor bai ba da wahala haka ba. Fallayen robar faɗinsu santimita 25, tsawonsu mita 5.8, muka gilma su ta gajeren ɓangare, kowane dogo ya ba da yanka huɗu, dogaye 6 suka isa, na bakwai na ajiya. Firam ɗin katako tubaitu ne da ke bin tsawon koridor. Kafinta ya so ya sa guda ɗaya a tsakiya, tazarar santimita 70 ke nan, muka sa biyu, ta koma wajen 45, kowane kuma da abin rataya a ƙasa da mita ɗaya. Roba ba ta da nauyi, amma zafin da ke taruwa a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yana sa ta laushi, ta yi ciki a tsakanin katakai, kuma ba ta komawa. Tana kuma miƙewa da zafi, shi ya sa aka rage milimita 5 a kowane baki, gibin ya ɓuya a cikin robar gefe. In aka yanka ta cif da bango, ba ta da wurin tafiya sai ta bankare. A leɓen kowane falle ake ɗaurewa, na gaba ya shiga ya rufe. Na sa an yi da ƙananan sukuru maimakon kusa don a iya kwancewa, sai dai daga fallen ƙarshe ake farawa a dawo baya, saboda haka na rubuta a takarda ta wane ɓangare aka ƙare. Fitilar da ke zafi ba ta zama a jikin roba, sai ta zamani marar zafi, ita ma da ɗan katako a bayanta.

A koridor ɗin muka buɗe ƙofar shiga sama, santimita 60 da 75, faɗin falle uku, daidai ƙarƙashin ƙololuwar rufi inda mutum zai iya durƙusawa. Ramin ya yanke katako ɗaya na firam, don haka aka zagaye shi da katako ta gefe huɗu da abin rataya a kowace kusurwa. Daga bakinsa aka shimfiɗa faffaɗan katako biyu a kan taibim har saman falo, aka buga musu kusa. Ƙofa ba hanya ba ta da amfani, mai gyara zai taka inda ya samu, kuma allon jifsam ko canel ba ya ɗaukar ƙafar mutum. A gidan dakin, inda tsakanin silin da kankare bai fi taƙi ɗaya ba, ba mai shiga, sai dai a bar ƙananan ƙofofi na santimita 30 a ƙarƙashin kowane akwatin mahaɗa.

Daga fitar da lebul zuwa fenti na ƙarshe kwana 12 ne, ban da makonni ukun jiran ruwa. Wata takwas bayan nan aka zo sa sola. Mai aikin ya hau ta ƙofar koridor, ya bi katakon, ya samu akwatunan inda hotuna suka nuna, ya raba layin fitilu da fanka ya kai inbata ba a huda allo ko ɗaya ba. Inda muka makale shi ne saukowa daga sama zuwa akwatin bireka: fayif ɗin da ke cikin bango sun cika, ban bar ko ɗaya fanko da igiyar ja a ciki ba. Sai da aka bi saman filasta da kwasfar roba tsawon mita ɗaya da rabi, tana nan a bayan ƙofar koridor.